Ciniki na tafiya, kaya na raguwa: ina kuɗin shagona ke shiga?

*Assalamu alaikum Malam. Ina da ƙaramin shago na kayan masarufi, shekara biyu ke nan, na fara da jarin 900,000. Ina yin cinikin kamar 30,000 a rana, kwana shida a mako, kuma duk kayan da na saro a 100 ina sayar da shi 120. Cefanen gida 2,500 kawai nake ɗauka kullum daga durowa. Amma yanzu in na dubi kantoci sai in ga kaya sun ragu kusan rabi, ga bashin dila a kaina. Ƙanena ne yake tsare mini shago in na fita sari, kuma zuciyata ta fara raya mini cewa shi ne. In sallame shi ne, ko yaya zan yi?*

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka sallami yaron nan tukuna, kada ma ka nuna masa a fuska. Ban ce ba ya taɓa komai ba, ban ce yana taɓawa ba. Abin da na ce shi ne a yanzu ba ka da abin da za ka gane gaskiya da shi, domin kuɗin shago da kuɗin aljihunka a wuri ɗaya suke kwana. Kuma alƙaluman da ka ba ni da kanka sun isa su cinye rabin jari ko da babu ɓarawo ko ɗaya a shagon. Zo mu buga lissafin tare.

In ka saro abu a 100 ka sayar 120, to a cikin kowace 120 da ta faɗa durowa, 100 ba taka ba ce. Ta kaya ce, dole ta koma wurin sari in ana so a mayar da gurbin abin da aka ɗauke daga kanta. Taka 20 ce. Wato kashi ɗaya cikin shida na ciniki, ba ɗaya cikin biyar ba kamar yadda da yawa suke ɗauka in sun ji an ce ribar kashi 20. Saboda haka cinikin 30,000 na yini, 25,000 uwar kuɗi ce, 5,000 ce ta hau kai. A kwana 26 na aiki ka yi cinikin 780,000, kaya sun ci 650,000, saura 130,000.

Wannan 130,000 ɗin ma ba ita ce riba ba, don shago yana da nasa cikin. Ba ka faɗa mini abin da kake kashewa ba, don haka zan ƙiyasta, kai kuma ka maye da naka na gaskiya. Mu ce haya 120,000 ce a shekara, wato 10,000 a wata. Kuɗin mota da dako zuwa sari 15,000. Wuta da leda da katin waya da cajin banki 10,000. Abin da kake miƙa wa ƙanenka a hannu, yau kaɗan gobe kaɗan, ya kai 15,000. Kayan da suka fashe ko suka lalace ko lokacinsu ya wuce, 5,000. Jimilla 55,000. Cire ta daga 130,000, abin da shago ya haifa a wata shi ne 75,000.

Yanzu dubi cefane. Shago yana hutawa ranar hutu, tukunya ba ta hutawa, don haka 2,500 sau 30 za ka buga, ba sau 26 ba. Ta ba ka 75,000 cif. Ma'ana cefanen da ka sa wa "kawai" ya riga ya lashe ribar wata gaba ɗaya. Duk abin da ya fita bayan wannan, daga jari ya fita. Na tabbata akwai abin da yake fita, don ban taɓa ganin mai shagon kayan masarufi da iyalinsa suke zuwa wani shago sayen sabulu ba. An aiko yaro ya ɗauki wannan, ka tashi za ka tafi gida ka sa wancan a leda. Mu ce na 12,000 a wata a farashin sari. Wani ɗan'uwa ya zo da matsala, an aiko da takardar magani, ka sa hannu a durowa, mu ce 8,000. Ga 20,000 ta tafi a kowane wata, 240,000 a shekara, 480,000 a shekara biyu. Cire ta daga 900,000 ka gani ko ba rabin da idonka ya nuna maka ba ne. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Sai dai ba ya faɗa maka hannun da ya ɗiba.

Abin da ya sa ɓarnar ba ta bayyana da wuri shi ne durowa ba ta taɓa bushewa. Kullum da yamma akwai kuɗi a ciki, sai mutum ya ga kamar komai lafiya. Jari yana ƙarewa ne a kan kanta, ba a cikin durowa ba. Alamominsa ka riga ka fara gani: da kana saro katan biyar, yanzu uku; da kana biyan dila nan take, yanzu kana cewa a rubuta; kwastoma ya tambayi abu ka ce ya ƙare, alhali ba mantawa ka yi ba, kuɗin ne bai kai ba. Daga nan ciniki yake fara ja da baya, riba ta ragu, cefane kuma yana nan yadda yake, sai ramin ya ƙara faɗi da sauri.

To gyaran fa? Ka fara da ƙidaya, kafin littafi, kafin buɗe sabon asusu, kafin komai. Zaɓi rana guda, ka rufe shago, ka ƙirga duk abin da ke ciki. Wannan ba sabuwar dabara ba ce. Luca Pacioli, malamin lissafin da ya wallafa bayanin tsarin littafin 'yan kasuwa a birnin Venice a 1494, da ita ya ce ɗan kasuwa ya fara, kuma a gama ta a rana ɗaya, saboda in ta kwana ana saye da sayarwa lissafi ya rikice. Kowane kaya ka rubuta yawansa da farashin da ka saro shi, ba wanda kake sayarwa ba, domin ribar da ba a sayar ba tukuna ba riba ba ce. Abin da ya lalace ko ya shekara ba wanda ya taya, kada ka sa shi a cikakken kuɗinsa. Sai ka haɗa da tsabar kuɗin durowa, da kuɗin shago da ke banki, da bashin da kake bin kwastomomi. A nan ka yi wa kanka adalci: bashin da ya yi wata shida mai shi yana canza hanya in ya hango ka, rubuta shi a wani shafi daban, kada ka ƙirga shi. Daga ƙarshe ka cire abin da dila yake bin ka.

Mu ce ka samu kaya na 400,000, tsaba 35,000, banki 25,000, bashi mai rai 40,000. An samu 500,000. Dila yana bin ka 60,000. Jarin shagonka a wannan rana 440,000 ne. Rubuta shi da kwanan wata a shafin farko. Wannan lamba za ta yi maka zafi, amma ita ce ma'aunin da za ka riƙa auna komai da shi daga yau.

Daga washegari kai ma'aikacin shagon ne. Ka yanka wa kanka albashi, ka sa masa rana. Tunda ƙiyasinmu ya nuna shago yana haifar 75,000, kada albashi ya kai nan, don jarin da ya rame yana buƙatar a bar masa wani abu. Mu ce 60,000 a wata. Ban ba ka shawarar ka ɗauke ta gaba ɗaya a farkon wata ba, domin mutumin da ya saba ɗiban kullum, in ya riƙe kuɗin wata a hannu, kafin ranar ashirin sun ƙare ya koma durowa. Raba ta huɗu, 15,000 a kowane karo, a rana sananniya. Ka ƙirga, ka rubuta, ka sa a aljihun da ba na shago ba. Cefane, magani, kuɗin makaranta, taimakon 'yan'uwa, duk daga nan. In gida yana buƙatar kaya daga shago, ka saya kamar kowa, ka ciro kuɗi daga aljihunka ka jefa a durowa. Za ka ji abin banbaraƙwai a makon farko, mutum yana sayen kayansa. In kana so ka yi wa kanka farashin sari, ba laifi, amma kuɗin ya shiga. Ranar da ba ka da shi, a rubuta a shafinka na bashi, a cire a albashi mai zuwa.

Na san abin da za ka ce: gida yana cin 95,000, ni kuma na ce 60,000. Gaskiya ne, kuma ba zan ɓoye maka ba, raba kuɗi ba ya ƙirƙiro kuɗi. Abin da yake yi shi ne ya fito da giɓin fili tun shago yana da rai. Wannan giɓi ko a rage kashewar gida, ko a nemi wata hanyar shiga, ko a ƙara ribar shago ta hanyar kayan da suka fi tafiya da rage zirga-zirgar sari. In bayan ka duba ka ga 60,000 ba za ta yiwu ba, sa 70,000 ka san cewa jari zai daɗe bai farfaɗo ba. Abin da ba zai yiwu ba shi ne ya wuce abin da shago yake haifa. Kuma ka zauna da maiɗakinka ka nuna mata lambobin. Mace in ta ga an rage cefane ba bayani, tunaninta zai tafi wani wuri daban. In ta ga shafin da idonta, ita ce za ta fara hana a aiki yara shago.

Sai maganar waya, wadda ita ce babbar ƙofar da kuɗi suke cakuɗewa a yanzu. Kwastoma ya ce zai yi tiransifa, ka ba shi lambar asusunka na kanka, kuɗin kaya ya sauka a kan kuɗin da wani ya aiko maka, da dare ka sayi data daga ciki, gobe ka tura wa wani. Babu akawun da zai iya warware wannan bayan wata guda. Ka buɗe asusu na biyu, ka manna lambarsa a shago, duk cinikin waya ya shiga can, kuma babu abin da zai fita daga cikinsa sai sari da hidimar shago da albashi. Katinsa kada ya zauna a walat ɗinka. In kwastoma ya yi kuskure ya tura tsohon asusun, ka mayar da kuɗin asusun shago kafin ka kwanta. Haya kuma, tunda shekara-shekara ake biya, ware 10,000 ɗinta kowane wata ka ajiye gefe, ka ɗauka ka riga ka kashe ta, kada ka sa ta cikin ƙidaya. Masu shago da yawa suna ganin riba wata goma sha ɗaya, a na sha biyu mai gida ya zo, su kwashe kuɗin sari su biya.

Littafi ba sai mai wahala ba. Masu bincike uku, Drexler da Fischer da Schoar, sun gwada hanyoyi biyu na koyar da masu ƙananan sana'o'i a Jamhuriyar Dominika, suka wallafa sakamakon a 2014. Wasu an koya musu ƙa'idojin lissafin akawu, wasu kuma an ba su dokoki masu sauƙi irin waɗannan: kuɗin sana'a a wuri ɗaya, na gida a wani, ka biya kanka albashi, in ka ara ka rubuta ka mayar. Dokoki masu sauƙin ne suka fi canza yadda mutane suke riƙe kuɗinsu, musamman waɗanda ba su da zurfin ilimin lissafi. Don haka littafin makaranta guda ya ishe ka. Kowace rana shafi: canjin da aka buɗe da shi, abin da aka sayar da tsaba, abin da aka sayar ta waya, abin da aka bayar bashi da sunan mai shi, da duk abin da ya fita da dalilinsa. A rubuta a lokacin da abin ya faru. Wanda ya ce sai dare zai tuna, manyan zai tuna, ƙananan kuma su ne suka kawo ka nan.

Bayan wata guda cif ka sake rufe shago ka yi ƙidaya, daidai yadda ka yi ta farko. Mu ce wannan karon kaya 415,000, tsaba 30,000, banki 40,000, bashi mai rai 35,000, jimilla 520,000. Dila yana bin 70,000. Jari ya zama 450,000, wato ya ƙaru da 10,000. Kada ka ce ribar wata 10,000 ce, domin ka ɗibi wani abu a tsakani. Ka karɓi albashin 60,000, kuma shafinka ya nuna kayan 5,000 da ba ka biya ba tukuna, waɗanda ba ka sa su cikin bashin kwastomomi ba. Haɗa su: 10,000 da 60,000 da 5,000, an samu 75,000. Wannan shi ne abin da shago ya haifa. Dokar a taƙaice: jarin ƙarshe, a cire jarin farko, a ƙara abin da ka ɗiba, a cire abin da ka zuba daga waje. Wannan na ƙarshen ana yawan manta shi. In ka sayar da wata kadararka ka zuba 20,000 a sari cikin watan, jari zai nuna ya ƙaru, amma ba shago ne ya samo ta ba, dole a cire.

Lura da wani abu a wannan misali. Kaya sun ƙaru da 15,000 a kan kanta, wanda ido zai gani ya yi murna, amma 10,000 daga ciki bashin dila ne da ya ƙaru. Shi ya sa ba a auna shago da cikar kanta kaɗai, kamar yadda ba a auna shi da cikar durowa. Kuma in za a faɗi gaskiya tsantsa, a cikin 75,000 ɗin nan 60,000 ladan zamanka ne daga safe zuwa dare. Abin da jarinka ya haifa bayan an biya ka 15,000 ne. Ita ce ainihin riba, ita ce kuma za ka yanke hukunci a kanta: ta koma sari, ko ta rage bashin dila. A halin da kake ciki ni dai bashin dila zan fara da shi, saboda mai biya nan take ya fi samun bakin neman ragi.

Akwai tarko guda da wannan lissafi ba ya kamawa da kansa, shi ne tashin farashin sari. Ka saro a 100, ka sayar 120, ka koma ka tarar ya zama 110. A takarda ka ci 20, amma abin da ya rage maka bayan ka mayar da kayan kan kanta 10 ce. In ka ci gaba da ɗaukar albashi bisa 20, jari zai riƙa nuna lamba ɗaya ko ma ya ƙaru, alhali yawan kaya yana raguwa. Maganinsa biyu. Da ka ji sari ya tashi, ka gyara farashin abin da ya rage a shago bisa sabon sari, ba tsohon ba. Sannan a kowace ƙidaya ka kwatanta yawan manyan kayanka guda biyar ko shida da na watan jiya, katan da katan, ba kuɗi da kuɗi kaɗai ba. Haka kuma kada ka gina komai a kan wata ɗaya. Wani watan kasuwa tana ci, wani tana sanyi. Sai ka ga ƙidaya uku a jere kafin ka ƙara wa kanka albashi.

Ranar larura za ta zo, rashin lafiya ko wani abin da ba ya jira, ka ga babu inda za ka taɓa sai shago. Taɓa. Amma ka rubuta shi bashi a kanka da kwanan wata, ka sa yadda za a cire, ko 3,000 a kowane albashi har ya ƙare. Wanda ya sa wa kansa dokar "ba zan taɓa ba har abada", ranar da ya karya ta sau ɗaya yakan watsar da littafin gaba ɗaya.

Yanzu mu dawo kan ƙanenka. Bayan ka toshe taka ƙofar, lissafi zai iya magana a kansa. Kowace yamma, canjin safe da cinikin tsaba, a cire abin da ya fita, ya kamata su yi daidai da abin da ke durowa. Ƙaramin bambanci, yau sama gobe ƙasa, kuskuren canji ne, kowa yana yi. Bambancin da kullum ƙasa yake, kuma a ranakun mutum ɗaya, shi ne abin dubawa. Sai dai durowa tana iya daidaita alhali an sayar ba a rubuta ba, kuma wannan ƙidayar wata ce take kama shi. In cinikin da aka rubuta ya ce shago ya kamata ya haifi kusan 75,000, ƙidaya kuma ta ba ka 40,000, to 35,000 ta bi wata hanya. Ko a nan ka bi a hankali: duba ko an ba da bashi ba a rubuta ba, ko dila ya kawo kaya ba su cika ba ba a ƙirga ba, ko akwai kayan da ribarsu ba ta kai 20 ba kana lissafa su a 20, ko kai ne ka ɗauka ka manta. In duk waɗannan sun fita, kuma abin ya maimaitu wata biyu, sannan ka zaunar da shi da littafi a gabanku.

Kafin nan ka yanka masa albashi tsayayye shi ma, da ranar biya. Yaron da yake wuni a shago ba shi da abin da ya san nasa ne, yana kuma ganin yayansa yana sa hannu a durowa ba ƙirge ba rubutu, ba zai ɗauki ɗiban kuɗin kati a matsayin sata ba. Ka kira shi ranar ƙidayar farko, shi ya ƙirga kai ka rubuta, ka gaya masa cewa daga yau ba mai taɓa durowa sai an rubuta, kuma sunanka ne na farko a shafin masu bashi.